Mai Rariya da Minti Talatin

'Yar ƙanwata ce. Tun da uwar ta rasu take kirana Kawu Baba, ni kuwa na bi bakin mutanen makaranta ina ce mata Mai Rariya, sunan ya zauna har a gida. Mijinta tela ne, shi ma in yana neman tsokana haka yake kiranta.

Makarantar ta koyon aikin gona ce. Shekara talatin da huɗu na yi ina riƙe da gonar gwajinta, ni da ma'aikatana, bara na aje aiki. Ita kuwa ta shiga tana 'yar shekara ashirin da biyu, aka sa ta a ɗakin auna ƙasa, can ƙarshen baranda kusa da famfo. Ɗakin ba shi da girma. Akwai kanta uku jere da farantai da ake shanya ƙasa a inuwa, da turmin tangaran, da sikeli a cikin akwatin gilashi da ba ta yarda kowa ya taɓa. In an kawo ƙasa daga gona sai ta shanya, ta daka a hankali, ta tankaɗe da rariyar tagulla mai ƙananan idanu, ta zuba a leda ta rubuta lamba. Shekara goma sha tara tana wannan. Ɗalibai kan shigo su tarar da ita da ƙyalle a hanci, gashin idonta ya yi fari, daga nan sunan ya fito.

Ba ta da surutu. Amma in ɗalibi ya tsaya ya yi mata tambaya ta gaske, sai ta aje rariyar, har malamin ajin ya leƙo yana neman yaronsa. Ta yi karatun ƙarshen mako shekara biyar, da goyo a biyun farko, ta samu takardar da ake nema ga mai koyarwa. Takardar ta yi shekara biyu a jaka. Sai a daminar bana malamin da ke koyar da 'yan shekarar farko ya koma wani wuri, Shugaban Sashe ya kira ta ofis. Ya ce ranar Laraba ta sama za ta tsaya gaban ɗalibai ta yi darasi na minti talatin a kan albarkar ƙasa da sauya shuka, malamai uku na zaune a baya. In ta gamsar da su, ajin nata ne. In ba haka ba za a ɗauko wani daga waje, kuma kujera irin wannan in an zauna a kanta sai bayan shekaru take sake buɗewa. Ta haura arba'in. Ta san lissafin.

Shugaban Sashe mutum ne mai kirki, amma yana da wata 'yar ƙararrawa ta tebur. Minti talatin na cika zai danna ta, ko kana tsakiyar kalma. Na taɓa ganin ya danna wa wani baƙo da ya zo daga nesa, mutumin ya sauka da bakinsa a buɗe.

Ranar Asabar bayan la'asar ta zo gidana da kwamfuta a jaka. Muka zauna a rumfar ƙofar ɗaki, ta ɗora kwamfutar a kan kujerar tsuguno, ta cire agogonta ta ba ni.

"Kawu Baba, kai ne ɗalibai yau. In dogon hannun ya zo nan, ka buga kwano."

"Ɗaliban naki sun tsufa."

"Su nake so. Ba sa danna waya."

Darasin da majigi ake yi, shafi bayan shafi a jikin bango. Ta ce ta shirya shafukan tsaf. Na tambaye ta nawa ne, ta ce sittin da huɗu, ta faɗa a hankali kamar mai faɗin abin kunya.

Ta fara. Ta faro daga yadda dutse ke narkewa ya zama ƙasa, ta shiga rabe-raben ƙasa, yashi da laka da abin da ke tsakani, ta shiga yadda ake auna tsami. Kowane shafi cike da rubutu kamar takardar magani, ita kuma tana karantawa da sauri, idonta a kan gilashin. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, na san wasu da hannuna. Dogon hannu ya iso inda ta nuna mini. Na bar ta ta ƙarasa jimlar, don ni ba Shugaban Sashe ba ne, sannan na buga kwano.

"Shafi na nawa?" na ce.

"Goma sha tara."

"Darasin sauya shuka ne, ban ji wake ba."

"Wake yana shafi na arba'in da ɗaya."

Ta rufe kwamfutar. Kaji suka zo suna zagaya ƙafarmu. Can ta ce ta yi ƙoƙarin ragewa kwana uku, duk wanda ta ɗaga za ta cire sai ta ga ai wannan ma dole su sani. Shekara goma sha tara take tara waɗannan abubuwa, ba wanda ya taɓa ba ta allo, yanzu an ba ta a ce ta zubar da kashi uku cikin huɗu.

Ni ba mai ilimin majigi ba ne. Ajin manya na yi, na iya rubutu da lissafin buhu. Abin da na sani shi ne, in masara ta tsiro biyar a rami ɗaya ba don sauran ba su da lafiya ake cire su ba. Na faɗa mata haka. Ta ce ta sani, ai ita ma tana gaya wa ɗalibai. Na ce to wanda aka cire daga nan ba wuta za a sa masa ba, in ajin ya zama nata tana da zangon karatu guda na dasa su.

"In ya zama nawa," ta ce.

Na ce ta nuna mini sauran, ba da karatu ba, ta dinga wucewa kawai ina kallon hotuna. Ta buɗe kwamfutar ta yi ta dannawa. Can wajen ƙarshe, bayan shafin godiya, sai ga wani shafi da ta aje a gefe, lambobi uku ne kawai a kansa: huɗu, biyar, bakwai. Ta yi sauri za ta wuce, na ce tsaya, waɗannan na san su.

Na san su kuwa, don ni na ɗaure bakin buhunan. Filaye uku ne a gonar makaranta, masu lamba ɗaya da uku da bakwai, girmansu ɗaya, irin ƙasarsu ɗaya, takin zamani ɗaya muke ba masararsu. Fili na ɗaya masara muke sa masa kowace shekara ba hutu, da gangan, don ɗalibai su ga yadda ƙasa ke gajiya. Fili na uku da na bakwai kuwa bana wake, baɗi masara, haka shekara shida. A girbin masara na ƙarshe da na yi, na ɗaya ya ba da buhu huɗu, na uku biyar, na bakwai bakwai.

"Me ya sa kika jefa shi baya?"

"Saboda ba ni da amsarsa." Ta gyara mayafi. "Na uku da na bakwai abu ɗaya aka yi musu, littafin gona ya nuna. Amma in na auna ƙasarsu, ta bakwai ta fi duhu, ta fi ruɓaɓɓen ganye, ta fi naitirojin, abincin shuka. Sau uku ina sakewa. Har na fara zargin ko na musanya lambobin leda. In na sa wannan a bango wani ya ɗaga hannu ya ce me ya sa, Kawu, sai in ce me? In ce mai rariya ta ruɗe?"

Na yi dariya, ba da niyya ba. Ta dube ni ranta bai so ba.

"Ba ki ruɗe ba, 'yata. Amalanke ne."

Sai na ba ta labari. Fili na uku yana bakin hanya. Duk shekarar wake, da mun tsinke kwanso, mutanen sashen dabbobi sai su zo da amalanke su kwashe harawar tas, ko ganye ɗaya ba sa bari. Shekarar masara kuma su kwashe kara. Fili na bakwai kuwa yana bayan kwalbatin da ya karye tun shekarun baya, amalanke ba ya tsallakawa, su kuma ba za su ɗauka a ka ba. Sai harawar ta kwanta a nan. In damina ta matso mu ja ta cikin kwari mu rufe da ƙasa lokacin huɗa. Littafin gona yana da gidan rubuta abin da aka shuka, da taki, da abin da aka girbe. Ba shi da gidan harawa. Ba wanda ya ɗauke ta a matsayin girbi, ni ma ban taɓa tunanin rubutawa ba.

Ta ce, "Shekara shida?"

"Shida cur."

"Kawu Baba! Ɗakina yana taku ɗari da gonarka."

"Ke ma gonata tana taku ɗari da ɗakinki. Ƙasa kike aikowa a ɗebo miki, ba ki taɓa aikowa a ɗebo labari ba."

Ta tashi ta zagaya rumfar sau biyu tana magana, rabi da ni rabi da kanta. Ta ce wake yana kamo naitirojin daga iska ta hanyar wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwarsa, wannan kowane ɗalibi yana haddacewa. Abin da ba sa riƙewa shi ne, mafi yawan abin da ya kamo yana hawa cikin ƙwaya da ganye. In ka kwashe ƙwayar ka kwashe ganyen, saiwa da ɗan abin da ya kaɗe kawai ka bar wa ƙasa. Shi ya sa fili na uku ya fi na ɗaya da kaɗan, na bakwai ya tsere musu.

"To ga darasinki," na ce. "Sauran ki bar su a jaka."

Washegari da hantsi ta dawo ba kwamfuta. Mijinta ya yanko mata kwali daga kwalayen da ake naɗe yadi, faɗin tafin hannu kowanne, ya biyo ta da kansa wai zai ga ƙarshen wannan darasi da ya hana shi cin abinci a kan lokaci. Muka shimfiɗa tabarma. Ta ce minti biyar na ƙarshe na tambayoyi ne, saura ashirin da biyar. In kowane shafi zai ci kamar minti biyu, sha biyu ke nan, ba ƙari. Ta ƙirga kwali sha biyu ta miƙa wa Tela ragowar, ta ce ya zauna a kansu, ko ta roƙe shi kada ya ba ta.

"Yau ni ne Shugaban Sashe," in ji shi. "Ina ƙararrawata?"

A kan kowane kwali magana ɗaya take rubutawa da manyan baƙaƙe, a kusurwa kuma mintinsa. Na farko lambobin nan uku ne da tambaya: ƙasa ɗaya, taki ɗaya, me ya raba su? Ba za ta ba da amsa ba, za ta bar su da ita. Na biyu, mece ce ƙasa mai albarka: wadda ke ba shuka abinci da ruwa da iska, kuma akwai rai a cikinta. Na uku manyan abincin shuka uku, naitirojin da fosfaras da fotash. Na huɗu hotunan ganyen masara mai yunwa. A nan muka ɗan ja, don ta so ta sa hoto tara. Na ce a duk shekaruna uku na fi gani: tsohon ganye na ƙasa ya yi rawaya daga tsini ya bi tsakiya, ko ƙaramar shuka ta yi shuɗi-shuɗi ja-ja, ko gefen ganye ya bushe kamar an babbaka. Ta ce su ne dai ukun da ta ambata, a jere. Aka bar uku.

Na biyar, ƙofofin da abinci ke fita daga gona: girbi, da zaizaya, da ruwan da ke wanke shi ƙasa can, da wuta, da kwashe kara. Na shida ruɓaɓɓen ganye da aikinsa na riƙe ruwa da abinci. Na bakwai saiwar wake. Ta ba shi minti uku, don tana so su riƙe da hannu. Na takwas sauran amfanin sauya shuka, yadda ƙwari da cuta ke rasa gida in abincinsu ya canza, da yadda ciyawar wuta-wuta ke raguwa in an sa waken suya ko auduga, don irinta yana tsirowa ya rasa saiwar da zai kama ya mutu. Na tara, tsarin shekara uku a fili guda. Na goma a koma ga lambobin, a fito da amalanke. Na sha ɗaya gargaɗi ne: sauya shuka ba ya maye gurbin taki gaba ɗaya, wake kansa in ba fosfaras ba ya yin aikin kirki. Na sha biyu, abu uku da za su tafi da su.

Tsamin ƙasa bai samu kwali ba. Ta riƙe alƙalami ta dubi mijinta.

"Ɗaya kawai, Maigida."

"Hajiya Mai Rariya, ina zaune a kai. Ke kika ce."

Ta tura tsamin cikin na sha ɗaya, layi guda. Daga baya ta musanya na shida da na biyar, ta sake mayar da su. Ta ɗauki kwalayen ta gwada da baki, ina riƙe da agogo. Karon farko minti talatin da uku. Karo na biyu ashirin da takwas. Inda lokaci ke zubewa shi ne na bakwai, don in an ba ɗalibai arba'in shuka ɗaya ta zagaya, sai an yi minti goma. Na ce to a kawo takwas, kowane layi da tasa, a aje musu tun kafin su zauna. Ta ce kada a fizge, ƙulle-ƙullen za su tsinke su zauna a ƙasa. Na ce mata ta koya wa wani, ba ni ba.

Sai ranar Litinin ta koma ga kwamfuta, ta mayar da kowane kwali shafi guda, rubutu kaɗan, hoto babba. Ta je da kanta ta ɗauki hoton kwalbatin nan.

Ranar Laraba da sassafe na shiga gonar da izinin wanda ya gaje ni. Waken ya fara fure, lokacin da ya dace ke nan. Na haƙo tushe takwas da ƙasarsu, na wanke a bokiti sannu-sannu. Na jera su a kan tebura, na koma bayan aji kusa da ƙofa, kujera biyu tsakanina da malaman. Shugaban Sashe ya aje ƙararrawarsa. Kusa da shi akwai Malamin Dabbobi, mai amalanken. Ita ma ta gan shi.

Ta sa shafin farko, ta yi tambayar lambobin. Wani dogon ɗalibi ya ce ƙila an sace buhu biyu ne, ajin ya fashe da dariya, ita ma ta yi, daga nan ta saki jiki. Ba ta kalli bango sosai ba. A shafi na bakwai ta ce kowa ya tsinki ƙulli ɗaya ya fasa da farce. Wanda cikinsa ya yi ja-ja yana aiki, wanda ya yi fari bai fara ba ko ba zai yi ba, kore kuwa ya gama nasa. Aka yi ta leƙen tafin hannun juna. Har Shugaban Sashe ya miƙo hannu aka ba shi ɗaya.

Da hoton kwalbatin ya fito ta ba da labarin kamar yadda na ba ta, ta ce daga bakin wanda ya riƙe gonar ta ji, ta nuna ni. Na sunkuyar da kai. Ta ƙara da cewa filaye uku ba gwaji ba ne cikakke, alama ce, mai son tabbatarwa sai ya maimaita a filaye da yawa. Ta rufe shafi na sha biyu agogona na nuna minti ashirin da shida.

Malamin Dabbobi ne ya fara ɗaga hannu.

"Malama, wato shanuna su yi azumi don masararki ta yi ƙiba?"

"A'a, ranka ya daɗe. Su ci. Amma amalanken da ya fita da harawa kada ya dawo fanko. Abin da suka ci, kaso mai yawa yana cikin kashinsu, yana jibge a bayan garke ruwa na wanke shi."

Ya yi dariya ya ce an kama shi. Wata ɗaliba ta tambayi ko gyaɗa ma haka take. Tana cikin cewa gyaɗa ta fi ma barin ƙasa fanko, don ita har saiwa ake tugewa, ƙararrawa ta buga. Ta tsaya cak, ta ce ta gode.

Ban jira ba. Na tattara wakena a bokiti na tafi gida, don abin da za a tattauna ba nawa ba ne. Bayan azahar ta shigo, ta zauna a kan tabarma ta cire takalmi. Na ba ta ruwa ta sha.

"Litinin da Alhamis," ta ce. "Ƙarfe takwas."

"Madalla."

"Shugaban Sashe ya ce a darasi na biyu in kawo tsamin ƙasa."

"Kin ga ya samu raminsa."

Yanzu wata na uku ke nan. Ɗalibai sun koma ce mata Malama, amma tsofaffin ma'aikata ba su canza ba, kuma ba ta bar ɗakin can na ƙarshen baranda ba, da la'asar za ka same ta da ƙyalle a hanci. Ta sa an ƙara gida ɗaya a littafin gona, na abin da aka yi da kara da harawa. An kai taki amalanke biyu fili na uku, a karo na uku aka ce taya ta yi faci, har yau ana jira. Kwalbatin ba a gyara ba, ni dai ban tuna wa kowa ba.

Kwalayen sha biyu suna wurina, ɗaure da zaren Tela, a saman akwati. Jiya Asabar ta zo da wasu sababbi, na darasin zaizayar ƙasa. Na ƙirga, goma sha bakwai ne. Na miƙa hannu ta ba ni agogo, na jawo kwano kusa.